Fas ɗin jirgin ƙasa na Turai: jirgin dare kwana ɗaya yake ci ko biyu?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san hanya. In Allah ya yarda biza ta fito, ni da maiɗakina za mu je wajen ƙanena a Frankfurt, mu yi mako uku. Abin da muka tsara shi ne daga Frankfurt mu je Munich, daga nan Vienna, sai mu hau jirgin dare zuwa Rome, mu wuce Florence, mu leƙa Pisa mu dawo, sannan mu bi ta Milan zuwa Zurich, mu koma Frankfurt mu hau jirgin sama. Na ga fas ɗin Eurail, wato tikiti ɗaya da ake hawa jiragen ƙasa na ƙasashen Turai da shi, iri biyu ne. Akwai mai kwanaki a jere, akwai wanda aka rubuta masa "7 days within 1 month", wato kwana bakwai da ka zaɓa a cikin wata ɗaya. Abin da ya ɗaure min kai shi ne yadda ake ƙirga kwanan. Jirgin daren nan zai tashi yau ya isa gobe, to kwana ɗaya zai ci ko biyu? Kuma tsakani da Allah, fas ɗin nan akwai sauƙi a cikinsa, ko gara in yanki tikiti ɗai-ɗai?

Alhaji na Kwari:
Wa alaikumus salam. Malam, wannan mai sauƙi ne, na yi shi da kaina shekarun baya. Matuƙar jirgin ya tashi bayan ƙarfe bakwai na yamma, ranar isa kaɗai za ka rubuta a takardar. Ranar tashi kyauta ce. Ni haka na yi daga Munich, mai duba tikiti ya duba ya buga hatimi bai ce min uffan ba. Ka tabbata dai jirginka bai tashi kafin bakwai ba, in ba haka ba kwana biyu zai ci maka.

Bakatsine a Köln:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, abin da ka faɗa haka yake a lokacin da ka yi tafiyar. Amma an sauya wannan doka tun 2019, yanzu ma kishiyarta ake bi. Ranar da jirgin ya tashi ita ake ƙirgawa, ba ranar isa ba, kuma maganar ƙarfe bakwai ta kau gaba ɗaya.

Baban Hanifa, ka riƙe wannan. Kwana ɗaya na fas yana farawa daga sha biyun dare ya ƙare sha biyun dare na gaba, da agogon wurin da kake. A tsakanin nan ka hau jirgi goma in kana da ƙarfi, kwana ɗaya ne. Jirgin da ka shiga kafin sha biyu kuwa, yana cikin lissafin wannan ranar har ya sauke ka, ko da sai hantsin gobe zai isa. Saboda haka jirginka na Vienna zuwa Rome kwana ɗaya zai ci, ranar da kuka shiga. Sharaɗin ɗaya ne: kada ka canza jirgi bayan sha biyun dare. Da ka sauka ka taka wani jirgin, sabuwar rana ta buɗe.

Alhaji na Kwari:
Ikon Allah. To ashe da na kai bawan Allah na baro. Amma ni a ganina tsohuwar ta fi, domin in ka isa da safe kana da yini guda a hannunka ka ci gaba da tafiya.

Bakatsine a Köln:
Kowace da ribarta, Alhaji. A da ribar tana bayan isa, yanzu tana gaban tashi. Shi ya sa wanda ya iya tsarawa yake cika ranar tashi da tafiya. Misali Baban Hanifa, ranar da za ku hau jirgin dare, kwanan fas ya riga ya buɗu tun safe. Bratislava tafiyar kamar awa ɗaya ce daga Vienna. Ku ajiye jakunkuna a akwatin ajiya na tasha, ku je ku yini can, ku dawo da la'asar ku shiga na Rome, duk a kwana ɗaya. Amma in kun sauka Rome da safe kuka ce bari mu zarce Naples, wannan kwana na biyu ne, ko da tafiyar ba ta wuce awa ɗaya da 'yan mintuna ba.

Sabon Shiga:
Ni na ɗauka awa 24 ce daga lokacin da ka fara hawa. Wato in na shiga jirgi ƙarfe huɗu na yamma, ina da har huɗu na yammar gobe. Kuma wata tambaya, kwanakin fas ɗin nan suna shiga cikin kwana 90 na biza ne? In na sayi na wata biyu za su ba ni biza ta wata biyu?

Maman Zara:
A'a ƙanena, fas daban, biza daban. Fas ba ya ƙara maka ko kwana ɗaya a biza, kuma ba ya tilasta wa kowa ya ba ka ita. Maganar awa 24 ɗin ma ba haka ba ne. In ka shiga jirgi huɗu na yamma, awa takwas kaɗai ta rage maka a wannan kwanan.

Bari in ba ku abin da ya faru da ni, domin daidai kan wannan gaɓar ne. Muna dawowa gida daga wajen suna, ni da 'yata, da fas mai kwana biyar, mun ci huɗu, muna ajiye da na ƙarshe saboda wata tafiya mai nisa a mako mai zuwa. Jirgin farko ya sauke mu wata tasha wajen sha biyu saura kwata. Wanda zai ƙarasa da mu garinmu ƙaramin jirgi ne, tafiyar minti arba'in, yana tashi sha biyu da minti ashirin. Ni a raina tafiya ɗaya ce, tunda tun la'asar muke hanya. Da na zo sa shi a manhajar fas ɗin a waya sai ta nuna min zai buɗe sabuwar rana. Dare ya yi, yarinya tana gyangyaɗi a kafaɗata, injin sayar da tikiti yana can wani gefen da babu kowa, sai kawai na danna. Kwanan da na ajiye don tafiyar awa shida ya tafi a kan tafiyar da tikitinta bai kai yuro goma ba. Mako na zagayowa na sayi tikitin doguwar tafiyar da kuɗina, a farashin ranar. Har yau in na tuna abin yana min ciwo. Da na san haka, da tun kafin mu baro gidan sunan na sayi ƙaramin tikitin a waya.

Ɗan Zinder:
Sannu Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Amma ni na san ana ba da rara har ƙarfe biyar na asuba. Abokina ya yi amfani da shi bara, ya hau jirgi ƙarfe ɗaya na dare da kwanan jiya.

Bakatsine a Köln:
Ka tambaye shi wane fas ne a hannunsa. Ina kyautata zaton Swiss Travel Pass ne, na cikin Suwizalan kaɗai, shi ne kwanansa ke kaiwa biyar na asuba. Eurail da Interrail, takwaransa na mazauna Turai, ba su da wannan rarar. Nan ne mutane ke ruɗewa, kowane fas da agogonsa.

Ɗan Zinder:
Gaskiyarka, a Geneva yake. To na janye wannan. Amma ga abin da na sani da kyau, tunda a Lyon nake karatu: fas ba ya nufin ka gama biya. A Faransa ba ka shiga TGV, jirginsu mai gudu, sai ka kama kujera, kuma kuɗin kujerar daban ne, yuro 10 zuwa 20 a cikin ƙasa. Jiragen Ouigo masu araha ba sa karɓar fas ma sam. Wanda ya fi ciwo shi ne jirgin Paris zuwa Landan ko Amsterdam, kujerun masu fas ƙidayayyu ne. Sai ka ga ana sayar da tikiti ga mai kuɗi a hannu, kai mai fas a ce maka babu wuri. To ina zaɓin ranar da ka biya dominsa? Ni dai a Faransa ban ga amfaninsa ba.

Baban Hanifa:
To mu ba za mu shiga Faransa ba. A hanyar tamu ina da ina ne za a nemi kuɗin kujera?

Bakatsine a Köln:
Hanyarka rabi da rabi ce. Frankfurt zuwa Munich a ICE, jirgin Jamus mai gudu, kama kujera ganin dama ne, kana iya shiga ka zauna duk inda babu mai shi. Munich zuwa Vienna ma yawanci haka ne, sai dai a tsakiyar bazara akan wajabta kama kujera a wasu jiragen da ke tsallaka iyakar Jamus, don haka ka duba watan da za ku yi tafiyar. Cikin Suwizalan kuwa shiga kawai ake yi. A Italiya labarin ya sauya. Frecciarossa, jirginsu mai gudu, dole ne ka kama kujera, wajen yuro 13 kowane mutum a kowane jirgi, haka ma mai tsallakawa daga Milan zuwa Zurich. Jiragen Italo ba sa cikin fas, kada ka ga jan jirgi a tasha ka faɗa. Sai babban, jirgin dare. Fas yana biya maka tafiyar ne kawai, gadon da za ka kwanta kai za ka biya.

Yanzu ga aikin da nake so ka yi, domin babu wanda zai iya ce maka akwai riba ko babu sai da shi. Ka ɗauki takarda ka jera tafiye-tafiyen nan. Kowace ka duba farashinta sau biyu: na ranar da ke wata biyu nan gaba, da na jibi. Ka kawo mana lambobin.

Maman Zara:
Kafin ya dawo, Baban Hanifa ka gaya wa maiɗakin naka, a Nightjet, jirgin daren da za ku hau, akwai ɗakin gadaje na mata zalla, ana zaɓarsa wajen kama wuri. In ba haka ba ɗakin mutum huɗu ko shida haɗa maza da mata ake yi. In kuna son ku kasance tare ku kaɗai, sai ku kama ɗakin mutum biyu, shi kuma da tsada. Kuma gadajen nan suna ƙarewa da wuri ƙwarai lokacin zafi.

Baban Hanifa:
Na gode Hajiya, wannan ta fi komai muhimmanci a wajenta. Malam Bakatsine, na zauna jiya da dare na duba, ga abin da na gani na mutum ɗaya, na zagaye lambobin.

In na saya tun wata biyu kafin tafiya: Frankfurt zuwa Munich 36, Munich zuwa Vienna 40, jirgin dare da gado 100, Rome zuwa Florence 28, Florence zuwa Zurich 75, Zurich zuwa Frankfurt 45. Duka 324.

In na jibi ne: 95, da 100, da 150, da 50, da 140, da 110. Duka 645. Na Pisa ban sa shi ba, domin ko yau ko wata biyu farashinsa ɗaya ne, wajen yuro tara zuwa, tara dawowa.

Bakatsine a Köln:
Madalla, yanzu muna da abin magana. Farashin da na saya da shi a 2024, na babba a aji na biyu, mai kwana 4 yuro 283 ne, mai 5 yuro 318, mai 7 yuro 381. Ka duba na yau, amma bari mu yi aiki da waɗannan.

Manyan tafiye-tafiyenka biyar ne: Munich, Vienna, jirgin dare, Zurich, da komawa Frankfurt. Ka ɗauki mai kwana biyar, 318. Ka ɗora kuɗin gado, mu ce 45, ko da yake shi ma hawa da sauka yake yi. Ka ɗora kujera biyu ranar Florence zuwa Zurich, 26. Rome zuwa Florence ka saya daban, 28. Ya kama 417. Ka ga ke nan in za ka iya sayen komai tun wata biyu, tikiti ɗai-ɗai ya fi fas sauƙi da kusan yuro 90 kowane mutum, ku biyu 180. In kuwa sai tafiya ta matso za ka saya, na Florence ya koma 50, fas ya kama wajen 440, ka tsira da sama da 200 kowannenku.

Saboda haka tambayar ta koma kanka. Yaushe za ka san ranar tafiyarka tabbas?

Baban Hanifa:
To ai nan gizo ke saƙar. Fasfo ɗinmu yana wajensu, ba mu san ranar da zai fito ba. Wani maƙwabcina nasa saura kwana tara tafiya ya fito. Ba zan iya zuba kuɗi a tikitin da ba a mayarwa ba alhali ban ga biza a hannuna ba.

Bakatsine a Köln:
To wannan ita ce amsar taka, kuma ita ce ta yawancin masu tasowa daga gida. Bature da ke zaune a Hamburg ya san ranar hutunsa tun watanni, sai ya kwashe tikiti masu araha, waɗanda a ɗaure suke da jirgi ɗaya da awa ɗaya, in ya wuce ka kuɗinka ya tafi. Kai ba ka da wannan damar. Fas ɗin waya kuwa in ka saya kana da wata 11 kafin ka kunna shi, kuma farashinsa ba ya tashi don tafiya ta matso. Ba ma sai ka saya yanzu ba. Ranar da fasfo ya dawo da biza ka saya a waya, minti kaɗan ne. Abin da kake saya da ƙarin kuɗin nan shi ne kada jinkirin biza ya jefa ka cikin farashin 645.

Alhaji na Kwari:
Ni fa lissafin ɗan kasuwa nake yi. In mai bakwai 381 ne, kowane kwana ya tashi kusan 54. Mai biyar kuwa kowane kwana kusan 64. Sari ya fi sauƙi. Ya ɗauki mai bakwai ya sa Florence da Pisa a ciki ya huta da layin tikiti.

Ɗan Zinder:
Alhaji, in kwana 54 ne, ai asara ce a ƙona shi a kan Pisa ta yuro 18. Dokar da na sani ita ce duk tafiyar da ba ta kai kuɗin kwana ɗaya na fas ba, a biya ta da kuɗi.

Bakatsine a Köln:
Ku duka biyun kun raba kuɗin daidai da kwanaki, kuma ba nan lissafin yake ba. Abin dubawa shi ne nawa ƙarin kwanan zai ci maka. Daga mai biyar zuwa mai bakwai bambancin 63 ne, wato kowane ƙarin kwana wajen 31. To sai a tambaya, me zai sa a kwana na shida da na bakwai? Rome zuwa Florence: in da fas ne, 31 da kujera 13, ya zama 44. In da kuɗi ne, 28 da wuri ko 50 a ƙurarren lokaci. Kusan kunnen doki ne. Pisa: 31 da fas, 18 da kuɗi, asara ce a fili. In ka haɗa biyun, mai bakwai zai ci masa 76, biya da kuɗi zai ci 68 ko a mafi tsada. Don haka a tsarin da ya kawo, mai biyar ya fi, amma da ɗan kaɗan. Da zai ƙara wata doguwar tafiya guda, kamar Frankfurt zuwa Berlin ya dawo, nan take mai bakwai zai wuce gaba.

Shi ya sa nake cewa kada a fara da zaɓen fas sannan a nemo tafiyar da za a cika shi. Na ga mutane da yawa sun sayi mai goma, suka yi shida, suka koma gida da kwana huɗu da ba a mayar da kuɗinsu.

Alhaji na Kwari:
Na ji lissafinka, amma ban sauka daga ra'ayina ba. Yuro takwas ne tsakani. Baƙo da iyali a ƙasar da ba ya jin yarensu, kwana biyu na rara a aljihu sun fi yuro takwas. Ana fasa shiri, ana ɓatan hanya, ana samun ɗan'uwa ya ce lallai sai kun zo garinmu.

Maman Zara:
A nan ina bayan Alhaji. Da ina da kwanan rara a daren nan da ban yi asarar da na yi ba.

Sabon Shiga:
To me zai hana ya sayi mai kwanaki a jere kawai? Ba ruwansa da ƙirga.

Bakatsine a Köln:
Domin mako uku zai yi. Mai kwana 15 a jere ba zai kai shi ƙarshe ba, sai mai 22, wanda a wancan farashin ya haura 580. Shi kuwa agogonsa ba ya tsayawa, ranar da kake zaune gidan ƙanenka kana cin tuwo ma ana ƙirga ta. Mai a jere na wanda kusan kullum yana kan hanya ne. Wanda zai kwana uku nan, huɗu can, mai zaɓin rana ne nasa.

Baban Hanifa:
Na fahimta. To watan da ake cewa "within 1 month", daga ranar da na saya yake farawa? Kuma ranar da muka sauka filin jirgin Frankfurt, in kunna shi mu shiga gari da shi?

Bakatsine a Köln:
Kada ka kuskura. Daga filin jirgi zuwa cikin gari 'yan mintuna ne, tikitin 'yan yuro kaɗan, ƙanenka ma zai saya muku a inji. Watan yana farawa ne daga ranar farko da ka zaɓa wajen kunna fas ɗin. In ka sa 10 ga Yuni, zai ƙare 9 ga Yuli da sha biyun dare. Ka bar shi a kashe sai ranar Munich. Kuma ka sani ba ya aiki a jirgin ƙarƙashin ƙasa da taram da bas na cikin gari, waɗannan da kuɗinka ne.

Yadda abin yake a Rail Planner, manhajar fas ɗin: kana neman jirgi ka ajiye shi a My Trip, wannan ba ya cin komai, ka ajiye ɗari in ka so. Kwana yana ciwuwa ne lokacin da ka tura ɗan maɓallin da ke gefen tafiyar ya shiga fas. Daga nan tikitin ranar mai lambar QR zai fito a My Pass, shi za ka nuna tare da fasfo. Dole ka yi haka kafin ka shiga jirgin, kowane jirgi, ko da ranar ta riga ta buɗu. Abin da ke cin mutane shi ne kunna ranar gobe tun yau don zumuɗi. In ka kunna, kana iya sokewa kafin sha biyun dare. Da ranar ta shiga, ta ciwu, ko ka yi tafiya ko zazzaɓi ya kwantar da kai. Ni sai ina tsaye a tasha na ga jirgin a allo nake turawa. Ka tabbata dai kana da data da caji, domin manhajar tana buƙatar shiga intanet lokaci-lokaci, kuma waya a mace daidai take da babu tikiti.

Wani abu kuma kan jirgin dare: kwanan tafiyarka na biyar yana iya zama jirgin dare, babu laifi, matuƙar safiyar isa tana cikin watan. Abin da ba ya yiwuwa shi ne ka shiga jirgin dare a daren da watan kansa yake ƙarewa.

Ɗan Zinder:
Ina da tambaya kan labarin Hajiya. Ita jirginta tun asali bayan sha biyu yake. To in na tsara canjin jirgi sha ɗaya da rabi, jirgin farko ya yi latti, na rasa shi, dole na hau na sha biyu da rabi fa? Laifin ba nawa ba ne.

Maman Zara:
Ya taɓa faruwa da maigidana. Ya nuna wa mai duba tikiti tsarin tafiyarsa na asali a waya, ya gaya masa jirgin farko ne ya makara, mutumin ya gyaɗa kai ya wuce.

Alhaji na Kwari:
Ni kuma yaron shagona da ya je bara, cewa aka yi ya buɗe sabuwar rana ko ya biya. Ya biya.

Bakatsine a Köln:
Abin da nake yi ni, da na ga latti zai tsallakar da ni sha biyu, tun a jirgin farko nake samun ma'aikacinsa in nemi shaidar jinkirin, in kuma ɗauki hoton allon tasha. Sannan in je wajen mai duba tikitin jirgi na biyu tun kafin ya zo wajena. Sau biyu na yi haka an bar ni. Amma ba zan ce wa baƙo ya dogara da shi ba. Baban Hanifa, ranar Florence zuwa Zurich ita ce mai canji a Milan, ku fita da safe, kada ku bar ta ta kai dare.

Baban Hanifa:
In sha Allahu. Saura abu ɗaya. Ƙanen nawa ya ce zai ɗauki hutu ya bi mu duk zagayen. In saya mana Eurail guda uku?

Bakatsine a Köln:
A'a, shi Interrail zai saya. Ba fasfo ake dubawa ba, wurin zama ake dubawa, kuma shi mazaunin Jamus ne ko da koren fasfo ne a hannunsa. Jiragen ɗaya ne, za ku zauna wuri ɗaya. Sai dai shi akwai ƙa'idar da ba ta shafe ku ba: a ƙasar da yake zaune kwana biyu kaɗai fas ɗin zai yi masa aiki, na fita da na dawowa, kuma daga cikin kwanakinsa ake cire su, ba ƙari ba ne. A tsarinku kwana uku ne ke taɓa Jamus: zuwa Munich, fita daga Munich zuwa Vienna, da dawowa daga Zurich. Ɗaya dole ya biya da kuɗi. Tunda shi ba ya jiran biza, da kun sa rana ya sayi na Munich mai araha, ya ɗauki fas mai kwana huɗu. Shekarunsa nawa? In bai kai 28 ba akwai ragin matasa.

Baban Hanifa:
Ya haura talatin. To ga inda na tsaya: zan jira fasfo. In ya fito da sauran lokaci mai yawa, zan sake duba farashin ɗai-ɗai, in har yana kusa da 324 in saya haka. In ya fito a ƙurarren lokaci, fas. Tsakanin mai biyar da mai bakwai kuwa har yanzu ina jin maganar Alhaji, zan yi shawara da maiɗakina. Abin da ya rage yana damuna gadon jirgin dare ne, tunda Hajiya ta ce yana ƙarewa, kuma fas ba zai samar min gadon da babu ba.

Maman Zara:
Ka duba irin tikitin gadon da ake iya sokewa a mayar da kuɗi, ya fi tsada kaɗan amma za ka iya kama shi tun yanzu. Ka karanta sharaɗin sokewar da kyau kafin ka biya, kwana nawa kafin tafiya ake yarda. In kuma bai samu ba, akwai jirgin rana daga Vienna zuwa Venice ta cikin duwatsu, ku kwana can ku wuce Rome washegari.

Bakatsine a Köln:
In aka koma hanyar Venice lissafin ya sake, domin kwana biyu za ta ci a maimakon ɗaya, ga kuɗin masauki, ga kujerar Frecciarossa zuwa Rome. Manyan tafiye-tafiyen sun zama shida ke nan, na Florence ya cika bakwai, kuma a nan Alhaji ya yi gaskiya, mai bakwai za ka ɗauka. Ka fara duba gadon a ranakun da kake hasashe, ka gaya mana abin da ka gani, sai mu sake jera lambobin.